Me ya sa babba ke yin mura sau biyu ko uku kowace shekara?

"Likita, shekarata 40, malamin firamare ne ni, kuma ina da 'ya'ya huɗu ƙanana. Bara sau huɗu na yi mura, bana ma tun hunturu bai kankama ba na yi sau biyu. Ƙyanda sau ɗaya na yi ta ina yaro, ba ta sake dawowa ba. To me ya hana jikina ya gane mura kamar yadda ya gane ƙyanda? Ko garkuwar jikina ce ta yi rauni?"

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Adadin da ka ambata bai tayar mini da hankali ba, domin bai fita daga abin da ake gani ga lafiyayyen mutum mai irin aikinka da irin gidanka ba. Ƙiyasin da likitoci suka daɗe a kansa shi ne babba yakan yi mura sau 2 zuwa 3 a shekara, ƙaramin yaro kuwa sau 6 zuwa 8, wani ma yakan zarce haka a shekarar da ya fara zuwa makaranta. Wannan matsakaici ne kawai. Akwai wanda shekara ke zagayowa bai yi ko sau ɗaya ba, akwai kuma mai yi sau biyar, kuma idan ka bincika za ka tarar mafi yawan masu yi sau biyar ɗin iyayen ƙananan yara ne, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti. A mafi yawan lokuta abin da ke ƙayyade yawan murar mutum shi ne yawan haɗuwarsa da ƙwayoyin da ke kawo ta. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka sa haɗuwar ke ƙarewa da kamuwa a kai a kai: ƙwayoyin suna da yawa ƙwarai, sannan kariyar da jiki ke samu bayan an warke daga wasunsu ba ta daɗewa.

Ƙwayoyin sun haura 200

Toshewar hanci, da majina, da atishawa, da kaikayin maƙogwaro, da ɗan tari, da kasala, amsa ce da jiki ke bayarwa idan ƙwayar cuta ta bairos ta sauka a cikin hanci da maƙogwaro. Amsar kusan iri ɗaya ce ko wace ƙwaya ce ta shiga, shi ya sa mai fama da ita yake ganin kamar cuta ɗaya ce ke ta dawo masa. Ƙwayoyin bairos da ke iya jawo waɗannan alamomi sun haura 200, kuma daga dangogi daban-daban suka fito. Babbar cikinsu ita ce rainobairos, wadda ke da alhakin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na murar manya. Sai koronabairos guda huɗu da suka daɗe suna yawo cikin mutane tun kafin annobar 2020, sai adinobairos, sai wadda ake kira RSV, da wasu. Ni kaina a ɗakin duba marasa lafiya ba zan iya duban mai mura in ce ga ƙwayar da ta kama shi ba, sai da gwajin ɗakin bincike, wanda ba a yi wa mura ta yau da kullum domin sakamakonsa ba zai sauya magani ba.

Rainobairos ita kaɗai ta isa ta amsa rabin tambayarka. An fara gano ta a Amurka a shekarun 1950, daga nan aka yi ta samun sababbin nau'o'i, har yanzu an san kusan 160, waɗanda aka kasa gida uku, A da B da C. Rukunin C ma sai wajajen 2006 aka gano shi, domin ba ya tsirowa a ɗakin bincike ta hanyoyin da aka saba. Kowane nau'i yana da irin ɓawon da ya lulluɓe shi, kuma wannan ɓawon ne garkuwar jiki ke ganewa. Idan nau'i ɗaya ya kama ka, cikin mako biyu zuwa uku jiki zai ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, waɗanda suka dace da ɓawon wannan nau'in daidai, su manne masa su hana shi shiga ƙwayoyin halittar hanci. Waɗannan antibodi kamar mai gadi ne da ya haddace fuskar ɓarawo ɗaya: duk ranar da wannan ɓarawon ya dawo zai tare shi a bakin ƙofa, amma idan ɗan'uwansa ya zo da wata fuskar, wucewa zai yi. Kariyar da nau'i ɗaya ya bari kaɗan ƙwarai take amfanar mutum a kan sauran.

Bari mu yi ɗan lissafi da shekarunka, a matsayin misali kawai. A ce a shekaru 10 na farkon rayuwarka ka riƙa yin mura sau 7 a shekara, 70 ke nan. A shekaru 30 da suka biyo baya kuma sau 3 a shekara, 90 ke nan. Jimla 160. Idan rabinsu rainobairos ce ta kawo su, ka haɗu da ita sau 80. Ko da a ce kowane kamu sabon nau'i ne, kuma ko da a ce kariyar da kowanne ya bari ba ta taɓa gushewa ba, har yanzu da sauran kusan rabin nau'o'in da jikinka bai sani ba. Lissafin bai haɗa da kamun da ke wucewa ba tare da wata alama ba, waɗanda su ma suna barin kariya, to amma ko an haɗa su hoton ba zai sauya sosai ba. A gari ɗaya, a lokaci ɗaya, nau'o'i da dama ne ke yawo, shekara mai zuwa kuma wasu ne za su maye gurbinsu. Wannan lissafin ne kuma ya bayyana abin da kowa ke gani a gidansa: jariri da ɗan yaye kullum hanci na zuba, domin kowace ƙwaya baƙuwa ce a wurinsu, matashi ya fi su sauƙi, dattijon da ya haura 60 kuwa sau da yawa bai fi sau ɗaya yake yi a shekara ba, saboda ya riga ya haɗu da nau'o'i masu yawa, kuma cuɗanyarsa da ƙananan yara ta ragu.

Wannan yawan ne kuma ya hana a sami rigakafin mura. An gwada allurar rigakafin rainobairos tun a shekarun 1960, ta kuma ba da kariya daga nau'in da aka yi ta da shi, amma kariya daga ɗaya cikin fiye da ɗari ba ta rage wa mutum komai a shekara.

Kariyar da ke dusashewa

Yawan nau'i bai isa ya bayyana komai ba. Koronabairos masu kawo mura huɗu ne kacal, ana kiran su 229E da OC43 da NL63 da HKU1. Biyun farko an gano su a shekarun 1960, biyun ƙarshe a 2004 da 2005. RSV kuwa manyan rukunanta biyu ne. Da a ce kariyar da suke bari irin ta ƙyanda ce, da kafin yaro ya gama firamare ya gama da su har abada. Sai ga shi suna sake kama mutum ɗaya har tsufansa.

Gwajin da ya fi nuna wannan a fili an yi shi ne a wata cibiyar binciken mura da ta yi aiki a garin Salisbury na Ingila daga 1946 har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Mutane sukan kai kansu wurin da yardarsu, a killace su na kwanaki, a ɗiga musu ƙwayar mura a hanci, a bi yadda jikinsu zai yi. A wani bincike da aka buga a 1990, an ɗiga wa mutum 15 koronabairos 229E. Goma suka kamu, takwas daga cikinsu suka yi mura da alamominta. Antibodi ɗinsu ya tashi bayan mako ɗaya zuwa biyu, daga nan ya fara sauka a hankali. Bayan shekara ɗaya aka sake ɗiga wa tara daga cikin goman nan ainihin ƙwayar da ta kama su a baya. Shida suka sake kamuwa. Amma ƙwayar ba ta daɗe a hancinsu kamar karon farko ba, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya yi mura mai alamomi.

Ina so ka lura da ɓangarorin biyu na wannan sakamako, domin a nan ne ake yawan yin kuskuren fahimta. Jikin mutanen bai manta da ƙwayar ba, shi ya sa karo na biyu ya zo da sauƙi. Abin da ya ragu shi ne ikon hana ta sauka tun daga bakin ƙofa. Wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙarfafa wannan: masana a Amsterdam sun duba jinin mutum 10 da aka riƙa ajiyewa a kai a kai har fiye da shekara 35, suka ga koronabairos ɗin da ta kama mutum takan sake kama shi, kuma sau da yawa bayan wata 12 kawai. A ɓangaren rainobairos kariyar ta ɗan fi daɗewa, takan kai shekara ɗaya ko fiye a kan nau'in da ya kama mutum, amma ita ma raguwa take yi, kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya ƙera antibodi mai yawa tun farko.

Misalin ƙyanda da ka kawo shi ne mafi dacewa da wannan bayani. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro da ke arewacin tekun Atlantika, bayan shekara 65 ba a gan ta a can ba. Wani matashin likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Peter Panum ya je ya bi diddigin annobar. Cikin mazauna tsibiran da ba su kai 8,000 ba, kusan 6,000 sun kamu, amma tsofaffin da suka yi ƙyanda a annobar 1781 ba wanda ya sake yin ta. Abubuwa uku ne suka raba ƙyanda da mura. Na farko, ƙwayar ƙyanda a wurin garkuwar jiki nau'i ɗaya ce a duk duniya. Na biyu, ba ta tsayawa a hanci: takan shiga kaluluwa da jini ta bazu ko'ina, don haka duk sassan garkuwar jiki sukan tashi a kanta da ƙarfi, kuma antibodi ɗin da ke cikin jini yakan zauna shekaru masu yawa. Ƙwayoyin mura kuwa yawanci a saman fatar cikin hanci suke zama, ba sa shiga jini, kuma antibodi ɗin da ke cikin majina, wanda shi ne ke tare su a wurin, ya fi na jini saurin raguwa.

Na uku shi ne lokaci, kuma ni ina ganin shi ne ya fi muhimmanci ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Ƙyanda tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin jiki kafin ta bayyana. Ƙwayoyin garkuwar jiki masu riƙe tarihin cutar da aka taɓa yi suna buƙatar kwana 3 zuwa 5 su farka, su hayayyafa, su sake zuba antibodi. Ka ga suna da isasshen lokacin murƙushe ƙyanda kafin ta nuna kanta. Rainobairos kuwa cikin sa'o'i take fara hayayyafa, alamominta sukan fito cikin kwana 1 zuwa 3, su kai ƙololuwa a rana ta biyu ko ta uku. Kafin masu riƙe tarihin su iso, mutum ya riga ya fara atishawa, ya kuma riga ya shafa wa na kusa da shi. Sukan iso su gajarta ciwon, su hana shi gangarawa huhu, amma hana shi farawa sai idan akwai isasshen antibodi a cikin hanci a daidai ranar da ƙwayar ta sauka.

Akwai wani abu kuma da zai kwantar maka da hankali game da batun rauni. Rainobairos ba ta lalata fatar hanci sosai. Toshewar da zubar majinar da ciwon maƙogwaron, aikin garkuwar jiki ne: jijiyoyin jini na hanci sun buɗe, ruwa ya fito, fararen ƙwayoyin jini sun taru. A gwaje-gwajen da ake ɗiga wa mutane ƙwayar, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu ba sa nuna alama ko kaɗan. Don haka tsananin majina ba ma'auni ne na raunin garkuwa ba.

Abin da ke ɗaga adadin ko ya sauke shi

Gidanka da ajinka su ne bayanin da ya fi kusa. A jihar Utah ta Amurka an bi gidaje 26 har tsawon shekara guda, ana gwada majinar kowa duk mako, aka buga sakamakon a 2015. Gidan da babu yaro, mako 3 zuwa 4 kawai ake samun ƙwayar bairos a hancin wani daga cikin mazaunansa a duk shekara. Gida mai yaro ɗaya, mako 18. Gida mai yara shida, mako 45. Kai kana da yara huɗu a gida, sannan kana wuni da gommai a aji, kana karɓar littattafansu, kana sunkuyawa kan teburinsu. Yaro yana ɗauke da ƙwayar fiye da babba, yana daɗewa yana fitar da ita, kuma hannunsa ba ya rabuwa da hancinsa. Da irin wannan cuɗanya, sau huɗu a shekara ba abin mamaki ba ne. Hakan ne ma ya sa alhazai da yawa ke dawowa daga aikin Hajji da mura da tari: mutane daga kowace kusurwar duniya sun taru a wuri guda, kowa ya zo da nau'o'in da ke yawo a ƙasarsa.

Sanyi shi kaɗai ba ya kawo mura, sai da ƙwayar. A farkon shekarun 1930 wasu masana sun zauna a tsibirin Spitsbergen, can kusa da ƙuryar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe hanyar jiragen ruwa na watanni. Sun tarar a tsakiyar tsananin sanyin mura kusan ɓacewa take yi, sai jirgin farko ya iso bayan ƙanƙara ta narke sannan ta ɓarke a garin cikin 'yan kwanaki. Duk da haka ba na cewa iyayenmu sun yi kuskure gaba ɗaya da suke haɗa mura da sanyi. Rainobairos ta fi hayayyafa a zafin digiri 33 zuwa 35, wanda shi ne zafin cikin hanci, fiye da digiri 37 na can cikin jiki, kuma an nuna a ɗakin bincike cewa matakin farko na kariyar ƙwayoyin halittar hanci yana raguwa idan suka yi sanyi. A hunturu irin namu abubuwa da dama ne ke haɗuwa: iska ta bushe, fatar hanci ta bushe har ta tsattsage, ƙura na fusata ta, mutane kuma sun rufe ƙofa da taga sun kwana a ɗaki ɗaya, wani lokaci da garwashi ko hayaƙi. Ƙwayar ta sami hanci mai sauƙin shiga da kuma iskar da ba ta sauyawa.

Daga cikin abubuwan da ke hannun mutum, barci ne ya fi samun hujja mai ƙarfi. A wani gwaji da aka buga a 2009 a Amurka, an rubuta yawan barcin mutum 153 na mako biyu, sannan aka ɗiga musu rainobairos. Masu barcin da bai kai sa'a 7 ba sun ninka masu sa'a 8 kusan sau uku wajen yin mura. Damuwa mai daɗewa ma an nuna tana ƙara yiwuwar kamuwa, shan taba kuma yana tsananta ciwon ya tsawaita tarin. Bitamin C da mutane ke saya da yawa a hunturu, da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, bai rage yawan kamuwa ga yawancin mutane ba. Abin da aka gani shi ne masu shan sa kullum murarsu ta ɗan gajarta da kusan kashi 8 cikin 100, abin da bai kai kwana guda ba. Wanke hannu da sabulu bayan ka fito daga aji da kafin cin abinci, da rage taɓa hanci da ido, da buɗe tagogin ajin ko da rabi ne, sun fi shi amfani kuma ba sa cin kuɗi. Za su rage adadin, amma ba za su mayar da shi sifili ba muddin kana cikin yara.

Yadda za ka gane ko mura ce ta gaskiya

A cikin waɗanda ke zuwa wurina da koken cewa mura ba ta barin su, da yawa idan muka zauna muka warware labarin sai mu tarar ba duka ba ne mura. Mura ta gaskiya tana da tsari. Takan fara da kaikayi ko zafin maƙogwaro, kashegari hanci ya fara zuba, a rana ta biyu zuwa ta uku ta yi tsanani, daga nan ta fara sauka, cikin kwana 7 zuwa 10 ta tafi. Tarin da ta bari yana iya kaiwa mako biyu ko uku, yana raguwa a hankali. Zazzaɓi ga babba ko dai babu ko kuma kaɗan ne. Tsakanin wannan karon da na gaba kuma mutum yakan warke sarai. Idan haka naka huɗun suka kasance, to mura huɗu ce daga ƙwayoyi huɗu daban-daban, kuma jikinka ya yi aikinsa a kowacce.

Wanda ke tashi kullum da safe da atishawa a jere, hanci na zubar da ruwa tsararo, ido da hanci da ganɗa na kaikayi, babu zazzaɓi babu ciwon jiki, abin ya ɗauki makonni, ya tsananta idan an yi shara ko hazo ya sauka ko an kunna turaren wuta, wannan ba ƙwayar cuta ce ke damunsa ba. Hancinsa ne ba ya jituwa da ƙura ko hayaƙi ko wani abu a iska, abin da likitoci ke kira alaji. Maganinsa daban ne, kuma yana samun sauƙi sosai da ƙwayoyin hana kaikayi ko maganin fesawa a hanci da likita zai rubuta. Malami mai aiki da alli a hunturu yana iya haɗa biyun, alaji a ƙasa, mura ta gaskiya tana hawa kansa lokaci zuwa lokaci, sai ya ga kamar ciwo ɗaya ne da ya ƙi ƙarewa. Ina kuma gargaɗi a kan maganin ɗigawa a hanci mai buɗe toshewa nan take, wanda ake saya a kemis: idan aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, hancin yakan ƙara toshewa da zarar ƙarfinsa ya sake, mutum ya ƙara ɗigawa, a haka har toshewar ta zama ta maganin ce ba ta murar ba.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne antibayotik. Majina takan yi kauri ta koma rawaya ko koriya a rana ta uku ko ta huɗu, sai mutum ya nufi kemis ya karɓi amoksisilin ko makamancinsa. Launin nan daga fararen ƙwayoyin jinin da suka zo yaƙi yake fitowa, kuma yana cikin tafiyar mura ta yau da kullum. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Mutum ya sha a rana ta huɗu, ya ji sauƙi a rana ta shida, ya yaba wa maganin, alhali lokacin saukar murar ne ya yi da kansa. Abin da ya samu shi ne haɗarin gudawa da ƙuraje, da kuma bakteriyar jikinsa da suka koyi jure wa maganin, ta yadda ranar da zai buƙace shi da gaske ba lalle ya yi aiki ba. Farasitamol don ciwon kai da jiki, da ruwa mai ɗumi, da zuma don tari ga duk wanda ya haura shekara ɗaya, da kurkure hanci da ruwan gishiri mai tsabta, da hutu, su ne abin da mura ke buƙata. Haka nan kada a sha maganin maleriya don kawai jiki ya yi ɗumi, kuma kada a ce mura ce kawai idan zazzaɓin ya yi zafi: a yi gwajin jini, cikin mintuna ake samun sakamako.

Raunin garkuwar jiki na gaskiya ba a yawan mura yake bayyana ba, a nauyin ciwo da ƙin warkewarsa ake ganinsa. Mutum ya yi nimoniya fiye da sau ɗaya a shekara, ko ciwon kunne da na kogon fuska mai ruɓa ya yi ta dawowa, ko farin abu ya fito masa a baki da harshe, ko marurai su yi ta fitowa, ko gudawa ta ɗauki makonni, ko ya rame ba dalili. Irin wannan ne ke sa mu auna suga, mu yi gwajin ƙanjamau, mu duba yawan ƙwayoyin jini, mu tambayi ko yana shan magungunan da ke danne garkuwa, irin su firednisolon da deksametazon da wasu ke sha ba bisa umarnin likita ba. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ni ma ban duba ka ba, kuma amsa daga nesa ba ta maye gurbin awo.

Ka je asibiti ba tare da jinkiri ba idan numfashi ya yi maka wuya ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi mai zafi ya wuce kwana 3, ko ka fara samun sauƙi sannan ciwon ya dawo da ƙarfi da zazzaɓi da ciwon gefen fuska, ko alamomin suka haura kwana 10 ba su fara raguwa ba. Tarin da ya wuce mako biyu yana ƙaruwa maimakon raguwa, musamman tare da gumin dare ko rama ko jini a kaki, yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yi a asibitocin gwamnati da dama. Idan kana da asma, ka sani rainobairos na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, don haka maganin shaƙarka ya kasance kusa tun daga ranar farko ta mura. Kafin ka ga likita kuma, ka riƙa rubuta ranar da kowace mura ta fara, da ranar da ta ƙare, da ko akwai zazzaɓi, da ko wani yaro a gida ko a aji ya riga ka yi. Bayanan wata shida kawai sun isa su nuna masa ko mura ce mai zuwa ta tafi, ko alaji ne, ko kuma wani abu da ke buƙatar ƙarin bincike.